Baƙin allo bayan ɗora Linux: me nomodeset ke yi, kuma yaushe za a cire shi?

Tambaya: Malam, na ɗora Ubuntu 24.04 a laftof ɗina mai katin hoto biyu, Intel da NVIDIA GTX 1650. Daga filash komai ya yi lafiya, na shiga ta wajen da aka rubuta "safe graphics". Da na gama na cire filash na sake kunnawa, sai tambarin Ubuntu ya fito, daga nan allo ya yi baƙi ƙirin, fanka kawai ke juyawa. Wani ya ce in sa nomodeset. A ina ake sa shi, kuma shi ke nan ya warware matsalar?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka sake ɗora komai, kada kuma ka goge komai. Alamun da ka bayar suna nuna tsarin ya zauna daidai a kan faifai, kuma akwai yiwuwar yana nan yana aiki a bayan wannan baƙin allon. Abin da ya gaza shi ne direban da ya kamata ya karɓi allon. Shawarar nomodeset da aka ba ka daidai ce, amma aikinsa ya shigar da kai ciki ne don ka yi gyara. Shi kansa ba gyaran ba ne, kuma idan ka bar shi a wurin zai rage wa laftof ɗinka ƙarfi sosai.

Sai ka fahimci abin da ke faruwa a daƙiƙun farko kafin ka taɓa komai. Da ka danna maɓallin kunnawa, BIOS ko UEFI ne ke fara kunna allon. Yana ware wani ɗan fili a ƙwaƙwalwa, duk abin da aka rubuta a ciki ya bayyana a allo. Da wannan filin ake nuna tambarin kamfanin laftof, da shi GRUB, manhajar da ke tada tsarin, ke nuna jerin zaɓinsa, da shi kuma kanel, wato zuciyar tsarin Linux, ke nuna rubutunsa na farko. Bayan 'yan daƙiƙu sai kanel ya ɗauko direban katin na ainihi, wato i915 ga Intel, amdgpu ko radeon ga AMD, nouveau ga NVIDIA. Wannan direban yana ture filin da UEFI ya shirya gefe, ya tambayi allon girman da yake iya ɗauka, ya saita saurin sabunta hoto, ya zaɓi kafar da hoton zai fita. Ana kiran wannan aiki KMS, kuma tun kanel 2.6.29 na shekarar 2009 aka fara mayar da shi cikin kanel. Kafin nan manhajar X mai zana tagogi ce ke yin sa daga baya.

To a daidai wannan miƙa ragamar ne allonka ke mutuwa. An riga an sauke tsohon fili, sabon direba kuma ya kasa tsayawa da ƙafarsa, sai ya zama babu mai zana komai. Shi ya sa kake ganin tambari tukuna sannan duhu ya biyo. Abin da nomodeset ke faɗa wa kanel kuwa gajere ne: kada wani direban katin hoto ya karɓi allo, a ci gaba da filin da UEFI ya bari. Zaɓin "safe graphics" da ka bi a filash ba komai ba ne illa wannan kalmar da aka saka maka a layin tashi. Galibi ba ta bin ka zuwa tsarin da aka ɗora a faifai, don haka karon farko da kwamfutarka ta gwada direbobin ainihi shi ne ranar da ka cire filash.

Kafin ka kashe ta, yi gwaji biyu a kan baƙin allon. Danna Caps Lock ka duba ko ɗan hasken da ke kanta yana kunnuwa yana mutuwa. Idan yana amsawa, kanel na da rai. Sannan danna Ctrl+Alt+F3 (a wasu laftof sai ka haɗa da Fn). Idan rubutu ya fito yana neman sunanka da kalmar sirri, ka tsira daga shiga GRUB, domin za ka iya yin duk gyaran daga nan, kuma hakan na nuna kanel ya riƙe allon, manhajar shiga ce ta faɗi. Wani abu da mutane kan manta: idan ka zaɓi kulle faifai da kalmar sirri lokacin ɗorawa, mai yiwuwa tana jiran kalmar ne kawai a wani shafi da bai bayyana ba. Rubuta ta a makance ka danna Enter ka gani.

Idan babu wanda ya amsa, danne maɓallin wuta har ta mutu, ka sake kunnawa. Ana buƙatar jerin GRUB, wanda Ubuntu ke ɓoyewa idan shi kaɗai ne a faifan. A kwamfuta mai UEFI, kamar taka, taɓa Esc sau ɗaya ko biyu da zarar tambarin kamfani ya gushe. A tsohuwa mai BIOS, a danne Shift. Kada ka yi ta dukan Esc ba ƙaƙƙautawa, domin zai wuce da kai zuwa wani layi mai `grub>`. Idan hakan ta faru, rubuta `normal` ka danna Enter, sannan ka taɓa Esc sau ɗaya. Da jerin ya fito, bar zaɓi a kan Ubuntu ka danna harafin e. Za ka ga layuka da yawa. Nemi wanda ya fara da `linux`, ƙarshensa zai yi kama da wannan:

```
ro quiet splash $vt_handoff
```

Goge `quiet splash` ka rubuta `nomodeset` a gurbinsu, sauran ka bar su yadda suke:

```
ro nomodeset $vt_handoff
```

Sai ka danna Ctrl+X ko F10. Na ce ka goge kalmomin nan biyu ne saboda su ke rufe rubutun tashi da tambari, kuma a irin wannan hali rubutun nan shi ne abin da ya fi komai amfani. Idan ta tsaya, layin ƙarshe da ke allo zai nuna inda ta tsaya, ka ɗauke shi hoto da waya. Wannan gyaran na tashi ɗaya ne, bai rubuta komai a faifai ba, don haka ba za ka iya lalata wani abu a nan ba.

Mu ce ta shiga. Za ka ga hoton ya ɗan yi nauyi, wataƙila rubutu ya yi girma, taga na jan ƙafa idan ka matsar da ita. Dalili shi ne yanzu babu katin da ke aiki, farosesa ce ke zana kowane ɗigo ta hanyar wani abu da ake kira llvmpipe. Maɓallan ƙara haske da rage shi galibi ba za su yi aiki ba, allo na biyu ta HDMI ba zai fito ba, idan ka rufe murfi ta yi barci da wuya hoton ya dawo, batir kuma zai riƙa zuba. Tayar safaya ce: za ta kai ka wurin gyara, ba a yin doguwar tafiya da ita. Abin da ya fi damuna da shawarar da ke yawo ta cewa a rubuta nomodeset dindindin a manta shi ne, mutum zai shafe watanni yana zaton Linux ne mai nauyi, alhali shi ya ɗaure katinsa da hannunsa.

Yanzu sai a gano mai laifi, domin nomodeset ya hana direbobi biyu aiki a lokaci guda, bai gaya maka wanne ne ya gaza ba. Buɗe taminal ka rubuta:

```
lspci -nnk | grep -A3 -E "VGA|3D|Display"
```

A laftof irin taka za ka ga na'urori biyu. Lambar da ke cikin baka a ƙarshen suna tana da amfani: wadda ta fara da 8086 ta Intel ce, 10de ta NVIDIA, 1002 ta AMD. Ƙarƙashin kowace akwai layin `Kernel modules` da ke faɗin direbobin da za su iya riƙe ta, da layin `Kernel driver in use` da ke faɗin wanda ya riƙe ta yanzu. Tun da ka tashi da nomodeset, kada ka yi mamaki idan layi na biyun bai fito ba ko kaɗan. Idan a ƙarƙashin NVIDIA ka ga nouveau ba tare da nvidia ba, ke nan ba a ɗora direban kamfanin ba lokacin girkawa, wanda yakan faru idan ba a zaɓi ƙarin manhajoji na waje ba ko babu intanet a lokacin.

Sannan duba abin da kanel ya rubuta a tashin da ya mutu. Ubuntu na ajiye bayanan tashin baya, kuma `-b -1` na nufin tashin da ya gabaci wannan:

```
journalctl -k -b -1 | grep -iE "nouveau|i915|nvidia|drm|firmware"
```

Karanta layukan ƙarshe. Idan nouveau ne, za ka ga sunansa tare da kalmomi irin su `timeout`, `fault` ko `failed`, wani lokaci a jere sau da yawa. Tun da da ƙarfi ka kashe ta, mai yiwuwa layukan ƙarshe ba su samu shiga faifai ba, don haka rashin ganin kuskure bai wanke kowa ba. Akwai gwajin da ya fi wannan yanke hukunci. Sake kunnawa, shiga GRUB kamar ɗazu, amma wannan karon maimakon nomodeset rubuta `nouveau.modeset=0`. Wannan ya hana nouveau kaɗai, ya bar i915 ya yi aikinsa. A yawancin laftof masu kati biyu, allon ciki a jikin katin Intel yake, NVIDIA na yin lissafi ne ya miƙa masa. Don haka idan ta tashi da hoto garau, haske na amsa maɓalli, taga na tafiya sumul, ka gama bincike: Intel lafiya lau yake, nouveau ne ya kasa da katin NVIDIA. A irin laftof ɗinka wannan ne abin da na fi tsammani.

Ba zan zargi nouveau ba. Masu rubuta shi sun shafe shekaru suna gano yadda katunan ke aiki ba tare da cikakkun takardu daga kamfanin ba, kuma sarrafa wutar katin laftof, kashe shi da tada shi, na daga cikin wuraren da suka fi wuya. Amma ga GTX 1650 maganin shi ne direban NVIDIA, kuma ka ɗauko shi daga rumbun Ubuntu. Haɗa intanet, sannan:

```
sudo apt update && sudo apt full-upgrade
ubuntu-drivers devices
sudo ubuntu-drivers install
```

Layin farko na sabunta kanel da sauran tsarin, kuma wani lokaci shi kaɗai ke kawar da baƙin allon, domin abin da ke filash ya girmi abin da ke rumbu da watanni. Na biyu zai jero direbobin da suka dace da katinka, ɗaya da alamar `recommended`. Na uku zai ɗora shi, ya kuma hana nouveau tashi da kansa. Ka guji fayil mai ƙarewa da `.run` da ake saukewa kai tsaye daga shafin NVIDIA. Yana aiki, amma apt, manhajar da ke ɗora ƙunshi da sabunta su, bai san da zamansa ba, yana rubutu a kan fayilolin da tsarin ke kula da su, kuma sabuntawa ta gaba na iya mayar da kai cikin duhun da ka fito.

A nan ne Secure Boot ke shigowa, kuma nan ne mutane da yawa ke faɗawa baƙin allo karo na biyu. Idan yana kunne, kanel ba ya karɓar direban da ba shi da sa hannun da aka amince da shi. Duba halinsa da `mokutil --sb-state`. Ubuntu na da direbobin NVIDIA da aka riga aka gina aka sa musu hannu, sunan ƙunshinsu na farawa da `linux-modules-nvidia`, kuma su umarnin da ke sama ya fi zaɓa, don haka sau da yawa ba za a tambaye ka komai ba. Amma idan aka bi ta DKMS, wato aka gina direban a kan kwamfutarka, za a ce ka ƙirƙiri kalmar sirri ta wucin gadi. Da ka sake kunnawa wani shuɗin shafi zai fito. Kada ka danna `Continue boot`. Zaɓi `Enroll MOK`, sannan `Continue`, sannan `Yes`, ka rubuta kalmar nan, ka sake kunnawa. Shafin ba ya jira da daɗewa, kuma wanda ya tsallake shi zai tashi da direban da ke zaune a faifai amma kanel ya ƙi shi. Alamarsa ita ce `sudo modprobe nvidia` ya amsa da `Key was rejected by service`. Idan ka ga haka, ko dai ka sake shigar da makullin, ko ka kashe Secure Boot a saitin UEFI. Idan akwai Windows mai BitLocker a faifan, nemo makullin cetonsa ka ajiye kafin ka taɓa wannan saitin, domin yana iya neman sa a tashi na gaba.

Bayan an ɗora direba, sake kunnawa ba tare da ka ƙara komai a GRUB ba. Idan a baya ka riga ka rubuta nomodeset dindindin, dole ka cire shi yanzu. Buɗe fayil ɗin da `sudo nano /etc/default/grub`, ka mayar da layin haka:

```
GRUB_CMDLINE_LINUX_DEFAULT="quiet splash"
```

Ajiye, sannan ka gudanar da `sudo update-grub`. Idan ka manta wannan umarnin, gyaran da ka yi a fayil bai kai ga GRUB ba. Cirewar na da muhimmanci musamman a laftof ɗinka, saboda nomodeset na hana i915, kuma i915 ne ke riƙe da allon ciki. Za ka iya samun direban NVIDIA lafiyayye amma allo ya ci gaba da nauyi, ka rasa dalili. Bayan ta tashi, tabbatar da abubuwa uku:

```
cat /proc/cmdline
nvidia-smi
glxinfo -B | grep -i renderer
```

Na farko na nuna layin da kanel ya tashi da shi a zahiri, kada ka ga nomodeset a ciki. Na biyu ya kamata ya fito da tebur mai sunan GTX 1650 da lambar direba da zafin katin. Na uku yana cikin ƙunshin `mesa-utils`, sai ka ɗora shi idan babu. Idan ya ce Intel, daidai ne, domin a laftof mai kati biyu Intel ke ɗaukar aikin yau da kullum, a kira NVIDIA idan an zo wasa ko aiki mai nauyi. Idan ya ce llvmpipe, har yanzu farosesa ke zane, akwai sauran aiki.

Idan kuma gwajin `nouveau.modeset=0` bai kawo hoto ba amma nomodeset ya kawo, to idonka ya koma kan Intel. Abu na farko da zan duba shi ne hasken bayan allo. Haska fitilar waya a jikin allon daga gefe cikin ɗaki mai duhu. Idan ka hango shafin shiga dishi-dishi, hoto na nan, fitilar allon ce direba ya kashe, kuma `acpi_backlight=native` ko `acpi_backlight=vendor` a layin GRUB na iya gyara shi. Na biyu, haɗa wani allo ta HDMI, domin wani lokaci hoton na fita ta kafar da ba ka kallo. A kwamfutar tebur kuwa, duba ko wayar allo na jikin katin ne ko jikin madabod.

Ga masu karanta wannan da katin da ba irin naka ba, dalilin yakan bambanta kaɗan. Katin AMD ba ya buƙatar a ɗora masa direba daga waje, amdgpu na cikin kanel, sai dai ba ya tashi sai da wasu ƙananan fayiloli na kamfanin. Idan babu su za ka ga `Direct firmware load for amdgpu/` da `failed with error -2` a bayanan kanel, kuma maganin shi ne ƙunshin `linux-firmware` a Ubuntu ko `firmware-amd-graphics` a Debian. Kafin Debian 12 na 2023, faifan girkawa na hukuma bai zo da waɗannan fayilolin ba, shi ya sa matsalar ta yi yawa a can. Idan kati ya fi kanel sabunta, babu kalmar da za ta ƙirƙiro masa direba, sai sabon kanel ko sabon fitowar tsarin. Katunan Intel Arc na farko, alal misali, sai a kanel 6.2 suka fara aiki ba tare da an tilasta su da `i915.force_probe` ba. A ɓangaren NVIDIA kuma tsufa da sabunta duka na cizo: katunan zamanin Kepler, irin su GTX 760, sun tsaya a direba 470, su kuma RTX 50 suna buƙatar 570 zuwa sama, kuma dole nau'in da sunansa ke ƙarewa da `-open`.

Akwai kuma halin da nomodeset ɗin kansa bai canja komai ba. A nan ka daina zargin katin hoto tukuna. Tashi ba tare da `quiet splash` ba, ka ƙara `systemd.unit=multi-user.target` a layin, wanda ke cewa a tsaya a shafin rubutu kada a buɗe tagogi. Idan ta kai ka wurin shiga, tsarin lafiya yake, matsalar na wurin GDM, wato manhajar shafin shiga, ko direban da aka ɗora rabi, kuma `journalctl -b -1 -p err` zai nuna ta. Duba kuma `df -h /`, domin faifan da ya cika maƙil na hana shafin shiga buɗewa, ya bar ka da baƙin allo mai ɗan ƙyaftawa a kusurwa. Idan ta tsaya tun kafin nan, layin ƙarshe da ta rubuta ne zai faɗa maka ko faifai ta kasa samu, ko kalmar sirri take jira, ko wata na'ura ce ta riƙe ta.

Idan wata rana baƙin allon ya dawo bayan sabuntawa, kada ka koma kan nomodeset kai tsaye. Shiga GRUB, zaɓi `Advanced options for Ubuntu`, ka tashi da kanel ɗin da ya gabata, wanda Ubuntu ke ajiyewa saboda irin wannan rana. Idan tsohon ya tashi lafiya, sabon kanel ne ya zo ba tare da direban NVIDIA da ya dace da shi ba. `dkms status` zai nuna maka kanel ɗin da aka gina wa direba idan ta DKMS ka bi, in kuma ba ta nan ba, `sudo apt update && sudo apt full-upgrade` da sake `sudo ubuntu-drivers install` kan kawo wanda ya ɓace. Ka lura kuma, zaɓin `recovery mode` da ke wannan jerin yana ɗauke da nomodeset a cikinsa, don haka idan ka shiga ta nan ka danna `resume` ka ga hoto ya fito, hakan bai nuna an gyara komai ba sai ka sake kunnawa ta hanyar da aka saba ka gani.